Idan Kwangila Ta Rushe, Wa Zai Yi Hukunci?

Kowace shekara, idan muka kai kan darasin tahkimi, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu da tambaya iri ɗaya. Yakan ce, “Malam, idan kwangila ta ɓaci tun daga tushe, yaya za a ce wani sharaɗi da ke cikinta yana nan da ransa? Ai idan gida ya rushe, ɗakin da ke cikinsa ma ya rushe.” Tambaya ce ta mai hankali, kuma manyan alƙalai sun daɗe suna kokawa da ita. Na ga ya dace in kawo ta wannan shafi saboda amsarta ta wuce aji. Ta shafi ɗan kasuwar da ke sa hannu a takardar ciniki ba tare da ya karanta shafin ƙarshe ba, ta kuma shafi gwamnatin da ke ƙulla kwangilar biliyoyi da sunan jama'a.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Abin da nake kira tahkimi shi ne mutum biyu su amince cewa idan saɓani ya taso tsakaninsu, ba za su je kotu ba, za su miƙa shi ga wani mutum ko wasu mutane da suka zaɓa, kuma hukuncin da aka yanke zai hau kansu dole. Kalmar ta daɗe a littattafan fiƙihu da wannan ma'ana. Tahkimi ya bambanta da sulhu, domin mai sulhu lallashi yake yi, shi kuwa mai tahkimi hukunci yake yankewa, kotu kuma ta zartar. Yawanci wannan amincewa tana zuwa ne a 'yan layuka kusa da ƙarshen kwangila, waɗanda ake kira sharaɗin tahkimi. A Nijeriya dokar da ke tafiyar da wannan al'amari ita ce Dokar Tahkimi da Sulhu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dukkansu biyu sun ɗauko gininsu daga dokar koyi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin cinikin ƙasa da ƙasa ta fitar a 1985.

Mu ƙaddara wani Alhaji mai sayar da riɗi a kasuwar Dawanau ya ƙulla ciniki da wani kamfani na Legas a kan tan 500. Manajansa ne ya tattauna ya kuma sa hannu a madadinsa. A shafin ƙarshe an rubuta cewa duk saɓanin da ya taso daga wannan kwangila, mutum uku ne za su yi masa tahkimi a Legas. Bayan an kai rabin kayan, sai Alhaji ya gano farashin da manajan ya yarda da shi ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, ya kuma ji ƙishin-ƙishin cewa kamfanin ya saka wa manajan kuɗi a asusunsa. Alhaji ya dakatar da lodi, ya rubuta wa kamfanin cewa ya warware ciniki, ya shigar da ƙara a babbar kotun Kano. Lauyan kamfanin ya tashi ya ce a dakatar da shari'ar, domin akwai sharaɗin tahkimi. Lauyan Alhaji ya ce wane sharaɗi kuma, bayan kwangilar da aka gina a kan toshiya ba kwangila ba ce?

A nan ne ƙa'ida ta farko take shigowa, wadda za mu kira ƙa'idar rarrabewa. Doka tana ɗaukar wannan takarda guda a matsayin yarjejeniya biyu. Ta farko ita ce ta riɗi: nawa, a kan wane farashi, yaushe za a kai. Ta biyu ita ce ta hanyar warware rigima. Sashe na 14 na dokar 2023 ya tanadi cewa za a ɗauki sharaɗin tahkimi a matsayin yarjejeniya mai zaman kanta, kuma ko da masu tahkimi sun yanke cewa kwangilar ɓatacciya ce, wannan kaɗai ba ya ɓata sharaɗin. Don haka misalin ɗalibina na gida da ɗaki bai zauna daidai ba. Ya fi kusa a ce gidaje biyu ne a fili ɗaya, kowane da harsashinsa.

Dalilin wannan ƙa'ida a bayyane yake ga wanda ya san halin masu rigima. An rubuta sharaɗin tahkimi ne saboda ranar da ciniki zai lalace. Idan lalacewar cinikin tana kashe shi, to ya mutu ke nan a ranar da aka fi buƙatarsa. Kuma duk wanda ya ga alamar hukunci ba zai yi masa daɗi ba, abin da zai yi kawai shi ne ya ce an yaudare shi, ko an ba wakilinsa toshiya, sai a kwashe shekaru a kotu ana binciken zargin kafin a san ko za a yi tahkimin. Zargi ba shi da tsada. Da doka ta bar wannan ƙofa a buɗe, da babu sharaɗin tahkimin da zai tsira daga lauya mai wayo.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta Fiona Trust, wadda kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, wato kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan ƙasar, ta yanke a watan Oktoba na 2007. Wasu kamfanoni da ke ƙarƙashin Sovcomflot, kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin Rasha, sun ba da hayar jiragensu a kwangiloli takwas. Daga baya suka yi zargin cewa an ba wasu manyan jami'ansu toshiya don su amince da sharuɗɗan da suka fi amfanar masu haya. Suka warware kwangilolin, suka ce tun da haka ne, sharaɗin tahkimi ma ya tafi. Kotun ta ƙi yarda. Mai shari'a Hoffmann, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya bayyana cewa ba a rushe sharaɗin tahkimi sai da dalilin da ya shafe shi kai tsaye. Zargin da aka kawo yana cewa ne an sayi jami'an don su yarda da farashi da sharuɗɗan haya marasa kyau. Babu wanda ya nuna cewa an saye su don su yarda da tahkimi. Saboda haka masu tahkimi ne za su binciki zargin toshiyar.

Idan muka auna rigimar Alhaji da wannan ma'auni, kotun Kano za ta dakatar da shari'ar. Sashe na 5 na dokar 2023 ya wajabta mata haka, matuƙar kamfanin ya nema kafin ya shiga jayayya a kan asalin rigimar, sai fa idan ta ga yarjejeniyar tahkimin ce kanta ɓatacciya, ko ta daina aiki, ko ba za ta yiwu a aiwatar ba. Wannan lafazi an ɗauko shi ne daga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya take cikinta. Alhaji bai rasa haƙƙinsa ba. Zai kai hujjojinsa gaban mutum ukun, kuma idan ya tabbatar da toshiyar, suna da ikon su ce kwangilar ta warware, su kuma yanke abin da kamfanin zai biya. Hukuncinsu bai zama banza don sun ce kwangilar ta ɓaci ba, domin ikonsu daga yarjejeniya ta biyu ya fito. Batun laifi kuwa yana nan inda yake. Mai tahkimi ba ya ɗaure kowa, kuma sharaɗin bai hana Alhaji kai manajansa gaban hukuma ba.

To, amma rarrabewa tana da iyaka, kuma sanin iyakar shi ne rabin ilimin. Mu canja labarin kaɗan. A ce Alhaji bai taɓa jin labarin kamfanin ba, wani ne ya kwaikwayi sa hannunsa. A nan zargin ya doki yarjejeniyoyin biyu lokaci guda, domin wanda bai sa hannu a kan riɗi ba, bai sa hannu a kan tahkimi ba. Haka nan idan wanda ya sa hannun ba shi da izinin ƙulla kowace irin yarjejeniya a madadin Alhaji. Amma idan manaja ne mai izini, sai dai ya wuce iyakar farashin da aka yanka masa, sharaɗin yana nan. Idan kuma Alhaji ya iya nuna cewa an ba manajan kuɗi ne musamman don a cusa sharaɗin, ko an sauya shafin ƙarshe bayan an gama magana, to ya doki sharaɗin kai tsaye. Tambayar da mutum zai yi wa kansa guda ce: wannan aibin da nake faɗa, ya taɓa amincewar da aka yi a kan tahkimi ita kanta, ko kuwa ya tsaya a kan farashi da kaya da lokaci?

Wannan ya kai mu ga ƙa'ida ta biyu, wadda ta fi ba mutane mamaki. Idan Alhaji ya ce sa hannun jabu ne, wa zai bincika? Doka ta ce masu tahkimin suna da ikon yanke hukunci a kan huruminsu, har da jayayyar da ake yi a kan ko yarjejeniyar tahkimin ta wanzu ko ta inganta. Wannan shi ne abin da masana ke kira hurumin tantance hurumi. A zahiri kamar akwai tufka da warwara: mutumin da ake cewa ba shi da iko, shi ne zai faɗi ko yana da iko? Amsar ita ce wannan ikon na bincike dokar ƙasa ce ta ba shi kai tsaye, don haka bai rataya a kan kwangilar da ake jayayya a kanta ba. Majalisa ce ta ga cewa idan duk ƙalubale zai tsayar da zaman tahkimi har sai kotu ta gama, to mai son jan lokaci ya samu abin da yake nema. Ƙa'idojin biyu suna tafiya tare, amma aikinsu daban. Rarrabewa tana amsa tambayar ko sharaɗin yana da rai. Hurumin tantance hurumi yana amsa tambayar wanda zai fara duba hakan.

Kalmar “fara” ita ce mai nauyi. Mai tahkimi shi ke magana ta farko, kotu ce ke da ta ƙarshe. Shari'ar Dallah da gwamnatin Pakistan ta nuna wannan sarai. Dallah kamfani ne na Saudiyya wanda ya shirya gina masaukai a Makka don alhazan Pakistan. A watan Satumba na 1996 ya sa hannu a yarjejeniya, amma ɗaya ɓangaren da ya sa hannu wata gidauniyar aikin Hajji ce da gwamnatin Pakistan ta kafa da dokar wucin gadi. Bayan 'yan watanni gwamnati ta faɗi, ba a sabunta dokar ba, gidauniyar ta daina wanzuwa. Dallah ya kai gwamnatin kanta gaban masu tahkimi a Faris. Suka yanke cewa suna da hurumi a kanta, domin a ganinsu ita ce ainihin abokiyar cinikin, daga baya kuma suka ce ta biya sama da dala miliyan 20. Da Dallah ya je Ingila don a zartar, kotun ƙolin ƙasar a watan Nuwamba na 2010 ta sake binciken batun hurumi daga tushe, ta ce ra'ayin masu tahkimi a kan ikonsu bai ɗaure kotu ba, ta kuma gano cewa gwamnatin ba ta cikin yarjejeniyar. Ta ƙi zartarwa. Bayan watanni uku, a Fabrairun 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta duba takardun nan, ta ce gwamnatin tana ciki, hukuncin yana nan. Kotuna biyu sun saɓa, alhali duk dokar Faransa suka yi aiki da ita, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: kowacce ta ɗauki kanta mai ikon sake duba abin da masu tahkimi suka ce game da huruminsu.

Sai dai ƙofar kotu tana da lokacin rufewa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Wanda yake ganin masu tahkimi ba su da hurumi, dole ya faɗa musu kafin ko a lokacin da yake miƙa takardar kariyarsa. Zaɓen mai tahkimi nasa bai hana shi wannan ƙalubale ba, don haka Alhaji zai iya naɗa nasa mutumin ya kuma ce bai yarda da zaman ba. Wanda kuma yake ganin sun fara taɓa batun da ya wuce abin da aka miƙa musu, dole ya yi magana da zarar batun ya taso. Suna iya karɓar ƙalubalen da ya makara idan akwai uzuri mai ƙarfi, amma wannan alfarma ce da ba a dogara da ita. Daga nan suna da zaɓi biyu. Ko su yanke batun hurumi tun farko shi kaɗai, ko su haɗa shi da hukuncin ƙarshe. Idan sun yanke tun farko cewa suna da hurumi, wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 daga ranar da aka sanar da shi ya kai maganar kotu, kuma su suna iya ci gaba da zamansu kafin kotu ta amsa. Idan sun haɗa shi da hukuncin ƙarshe, yana da wata uku ya nemi a soke hukuncin.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne na mai fushi, wanda sammacin tahkimi ya zo masa ya jefa shi a aljihun tebur, yana cewa ai kwangilar ta mutu. Zaman zai ci gaba ba da shi ba matuƙar an sanar da shi yadda ya kamata, wata rana sai ya ga an zo kotu ana neman zartar da hukunci a kan dukiyarsa. Na biyu shi ne na mai jiran gani, wanda ya shiga zaman, ya kawo shaidu, ya yi shiru a kan hurumi, sai da ya faɗi sannan ya tuna cewa sa hannun ba nasa ba ne. Doka tana ɗaukar irin wannan shiru a matsayin yafe haƙƙi. Hanyar mai hankali tana tsakiya: ya halarta, ya rubuta ƙalubalensa a takardar farko, ya roƙi a yanke shi tun da wuri, ya kuma riƙe kalanda.

Akwai masu sukar waɗannan ƙa'idoji, kuma sukar tana da tushe. Mai tahkimi ana biyansa ne don ya yi aikin, don haka idan ya ce ba shi da hurumi, ya kori kansa daga aiki. Zaman kuma a asirce ake yinsa, alhali zargin toshiya a kwangilar gwamnati abu ne da jama'a ke da haƙƙin ji. Mu a ƙasar nan mun ɗanɗani ɗacin wannan. Kwangilar iskar gas da aka ƙulla da kamfanin P&ID a 2010 ta haifar da hukuncin tahkimi na dala biliyan 6.6 a 2017, wanda kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11. Sai a watan Oktoba na 2023 babbar kotu a Landan ta yanke cewa da zamba aka samo hukuncin. Abin lura shi ne dalilan da kotun ta jingina da su sun shafi abin da ya faru a lokacin tahkimin: shaidar ƙarya da ta ɓoye toshiya, ci gaba da biyan toshiyar don a rufe baki, da kuma riƙe takardun sirri na lauyoyin Nijeriya da suka faɗa hannun kamfanin. Wato abin da ya ceci ƙasar shi ne ikon kotu na duba hukunci daga baya, bayan shekaru na shari'a da kuɗi masu yawa.

Duk da haka ina ganin ƙa'idojin biyu daidai suke. Wanda ya yi alkawarin hanyar warware rigima, ya kamata ya cika shi ko da rigimar ta yi muni, tun da kotu tana tsaye a baya da ikon gyara. Idan aka cire su, wanda zai fi cin riba shi ne mai bashin da ba ya son biya, wanda zai mayar da kowace kwangila shari'ar shekara goma. Abin da suke nema daga gare mu shi ne mu ɗauki layukan nan na ƙarshe da nauyin da doka ta ɗauke su. Su ne ke faɗin garin da za a zauna, wanda kotunsa ne za su sa ido a kan zaman. Su ne ke faɗin yawan masu tahkimi, kuma mutum uku a Legas ko Landan na iya cinye ribar tan 500 na riɗi kafin a kai ga hukunci. Su ne kuma ke faɗin irin saɓanin da aka miƙa, domin lafazi mai faɗi yakan haɗa har da zargin yaudara.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ɗan kasuwa yakan kwana uku yana ciniki a kan naira ɗari a buhu, sannan ya bar wa wakilinsa shafin ƙarshe. Jami'in gwamnati yakan yi haka da dukiyar da ba tasa ba. Farashin da aka sha wahala a kansa na iya rushewa da wasiƙa ɗaya, amma sharaɗin da ba a karanta ba shi ne zai rage a tsaye, shi ne kuma zai faɗi inda za a je da wanda za a tsaya gabansa. Ga ɗalibina da ya yi tambaya, amsar da nake ba shi kullum ita ce ya koma ya ƙirga yarjejeniyoyin da ke cikin takardar, zai tarar biyu ne. Ga Alhaji kuwa, shawarar ita ce ya karanta ta biyun da kansa, ko ya sa lauyansa ya karanta masa, tun alƙalami bai taɓa takarda ba.